Yadda ake raɗa wa rukunin kacici-kacici suna mai ban dariya ba tare da an yi wa kowa zambo ba

Shekara biyu da suka wuce, a makarantar da nake koyarwa a cikin birnin Katsina, 'yan ajin ƙarshe suka kawo mini sunan rukuninsu na gasar kacici-kacici: Ruwa Ba Sa'an Kwando Ba. Na yi dariya, na sa hannu. Ranar gasa ƙuri'a ta haɗa su da 'yan aji ɗaya, mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya karanta sunan, ɗakin taro ya kece da dariya, kawuna duka suka juya wajen bencin yaran. Har aka yi hutun zangon nan ana kiran su kwanduna, kuma biyu daga cikinsu ba su sake leƙo kulob ɗin ba. Laifina ne. Na duba sunan ta fuskar masu shi, ban tambayi kaina wane ne kwandon ba.

Tun daga lokacin nake bin wasu matakai kafin a rubuta sunan kowane rukuni a allo. Zan bi su da misalin gasar da muka yi a zangon da ya wuce, mai rukuni 6, kowanne da ɗalibai 4. Aikin gaba ɗaya yana cin zama biyu na kulob, kamar minti 40 kowanne.

Da farko a kafa iyaka kafin kowa ya buɗe baki

Idan ka bari yara suka ƙaunaci suna sannan ka ce bai yi ba, rigima ka saya. Saboda haka ƙa'idoji ake fara rubutawa a allo, kuma uku sun isa. Kada sunan ya wuce kalma 5, ya zama ana faɗinsa da numfashi ɗaya. Kada a sa sunan mutum, mai rai ko mamaci. Na ukun shi ne ginshiƙin: dariyar da ke cikin sunan ta sauka a kan masu sunan, ko a kan karatun kansa, kada ta buƙaci wani rukuni kafin ta cika.

Nakan bayyana musu wannan da abin da suka riga suka karanta a darasin Hausa. Akwai kirari, inda mutum ke wasa kansa. Akwai zambo, inda ake kama wani a muzanta shi kai tsaye. Akwai habaici, wanda ba a kama suna amma kowa ya san da wa ake. Zambo ba ya wahalar ganewa, ko ɗan aji ɗaya ya san cewa Maganin Daƙiƙai bai dace ba. Habaici ne ke shigowa sanye da rigar kirari, kuma shi ne ya ci ni a waccan shekarar. Sauran matakan nan kusan duk tarkon kama shi ne.

Na biyu, a nuna musu inda za su haƙo

In ka ce wa yara su kawo suna kawai, Zakuna da Damisa da Gwaraza za ka samu, sai ka ce ƙungiyoyin ƙwallon unguwa. Ba su zagi kowa ba, amma babu gishiri. Nakan ba kowane rukuni takarda guda da minti 20, su kawo sunaye 3, daga wuraren da na lissafa musu.

Wuri mafi albarka shi ne kacici-kacicin gargajiya da suka taso da shi a tsakar gida. Kowa ya san in an gagara amsa sai a ce "na ba ka gari". Wani rukuni na 'yan mata suka ɗauki wannan suka zama Mun Ba Ka Gari. Dubi yadda sunan ke aiki: tun kafin a yi tambaya sun miƙa wuya, saboda haka duk amsar da suka ba da daidai sai ta zama abin dariya, in kuma suka kasa, to ai sun faɗa tun farko. Ko ta ina aka juya, ba wanda ya ji ciwo.

Wuri na biyu darussan da ake tambaya a kai. Wanda ya taɓa yin lissafin tarawa ya san "a rubuta biyu, a riƙe ɗaya". Daga nan Mun Riƙe Ɗaya ya fito, kuma yana da harshen damo, domin ɗayan da aka riƙe yana iya zama matsayi na ɗaya. Alfahari ne, amma a ɓoye cikin lissafin firamare, kuma bai ce komai game da wanda zai zo na biyu ba.

Na uku tarihin gida. Kyaftin ɗin wani rukuni ɗan Daura ne, shi ya kawo Gugan Kusugu. Kamar yadda labarin ya zo, maciji ne a rijiyar Kusugu yake hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe shi. Yaron ya ce su guga ne, komai zurfin tambaya za su zura su jawo amsa. Abin da ya burge ni shi ne guga suka zaɓa, ba takobi ba. Da sun ce Takobin Bayajida, dole a nemi maciji, kuma macijin shi ne duk wanda ya zauna a bencin da ke fuskantarsu.

Sai karin magana, wanda ya fi kowanne daɗi kuma ya fi kowanne haɗari, shi ya sa ya samu matakinsa shi kaɗai.

Na uku, a ƙarasa karin maganar

Bahaushe ba ya jin rabin karin magana ya tsaya. Ka faɗi farkon, zuciyarsa ta cika ƙarshen. Saboda haka duk sunan da aka yanko daga karin magana, sai a rubuta ta cikakkiya a allo, a ja layi a ƙarƙashin kowane mutum ko dabba ko abu da ke ciki, a tambayi ajin: wannan su wane ne a ɗakin gasa?

A takardun da aka tara mini sunaye 18 ne, 7 daga karin magana. Akwai Linzami. Ɗaya daga cikin masu shi ya ce, "Malam, ai kalma ɗaya ce, ba mu zagi kowa ba." Na ce ya ƙarasa. Ya yi murmushi ya ce ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Na ce to wace ce kazar? Bai amsa ba, ya ja layi a kan sunan da hannunsa. Haka Wutsiyar Raƙumi ta tafi, domin in ta yi nesa da ƙasa, wani ne ƙasar. Haka Mai Jar Koma, domin sai da kifin da ke ganinsa.

Waɗanda suka tsira su ne karin maganar da mutum ɗaya ne kawai a ciki, ko babu mutum sam. Tsohuwar Zuma na 'yan ajin ƙarshe: da tsohuwar zuma ake magani. Sun amsa cewa sun tsufa a makaranta, sun mai da tsufan abin taƙama, ba su ce sabuwar zuma ba ta da amfani ba. Sannu Ba Ta Hana Zuwa ma haka, kuma in aka ƙarasa da "sai dai a daɗe ba a je ba", dariyar a kansu take ƙaruwa. Ƙarshenka Zuma, daga kirarin karatu mai farko maɗaci, ya wuce wannan matakin lafiya, ko da yake ya gamu da wata matsala a gaba.

Wanda muka daɗe a kai shi ne Ɗan Haki, na 'yan aji ɗaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A nan akwai mutum na biyu, akwai ma idon da za a tsone. Ta ƙa'ida ya kamata ya faɗi. Na bar shi, kuma ga dalilina: su ne ƙananan ɗakin, sun kira kansu abu mafi ƙanƙanta, kuma wanda karin maganar ke wa gargaɗi ba daƙiƙi aka ce masa ba, babba ne da ya yi sakaci. Da 'yan ajin ƙarshe ne suka kawo shi, da ban karɓa ba, don a bakinsu raini ne aka lulluɓe. Suna ɗaya yana iya zama wasa daga ƙasa zuwa sama, ya zama cin fuska daga sama zuwa ƙasa. Ga kuma ƙarin daɗi da yaran ba su ma lura da shi ba sai daga baya: a rubuce, hakin ciyawa da hakin wanda ya sha gudu iri ɗaya ne, saboda haka duk lokacin da aka matsa musu da tambaya sai a ce Ɗan Haki yana haki, su ma su yi dariya.

Na huɗu, abubuwan da ba su da laifi a wani wuri amma suna da shi a nan

Wannan matakin gajere ne, amma sai wanda ya san gari. Wani rukuni sun so Tsintsiya, daga "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya". Ma'anar haɗin kai ce mai kyau. Sai dai tsintsiya alamar jam'iyyar APC ce, kamar yadda lema take ta PDP, kuma ranar gasa akwai iyaye a zaune. An cire.

Sunayen ƙofofi ma suna jan ido, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga. Amma unguwanni ne da ɗalibanmu ke kwana a ciki, kuma in aka ce an lallasa Ƙofar Sauri, akwai yaro a wani rukunin daban da gidansu ke can. Sarautu irin su Durɓi da Ƙaura da 'Yanɗaka suna da masu riƙe da su a yau, ba a wasa da su a allon maki. Waliyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani girmamawa ce ke sa yara su so sunansu, sai dai mai gabatarwa zai wayi gari yana cewa Ɗan Marina bai ci ko maki ɗaya ba, wannan kuwa ba magana ba ce da za a faɗa a Katsina. Duk abin da ya shafi addini haka yake. Gemu Na Waje, daga "baba na ɗaka, gemu na waje", ni kaina ya ba ni dariya, har sai da wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai za a ce da malamin lissafi ake." Ta yi gaskiya, gemunsa har ƙirji.

Kullum sai an samu mai cewa ai wasan barkwanci ne, Malam, kamar na Katsinawa da Nupawa, ko Fulani da Barebari, ko na taubasai. Amsata ita ce barkwanci yana da sharaɗi: mutum biyu ne da suka san akwai wasa a tsakaninsu, wannan ya jefa, wancan ya rama nan take. Sunan da ke kan allo ba a rama masa. Yana nan a rubuce zango guda, ana karanta shi a lasifika, wanda aka jefa kuma bai taɓa amsa cewa yana wasan ba.

Na biyar, a karanta kamar ranar gasa

Nan ne zama na biyu ke farawa. Daga 18 muka rage 9. Sai na tsayar da ɗalibin da zai yi gabatarwa a bakin allo, ya sa kowane suna a cikin jimloli huɗu da dole zai faɗa ranar: sun ci, sun kasa amsawa, suna da sifili, an fitar da su. Da murya sosai, ba a zuci ba.

Abin da ake nema shi ne sunan da zai iya ɗaukar faɗuwa. Ba A Ja Da Mu yana da daɗi a zagayen farko. "An fitar da Ba A Ja Da Mu da maki biyu" kuwa bulala ce da yaran suka yanko wa kansu, kuma ɗakin ba zai tausaya musu ba. Suna mai cika baki yana cutar da abokan gasa in aka ci, yana cutar da masu shi in aka faɗi. Gwada kuma "Sannu Ba Ta Hana Zuwa suna da sifili". Ana dariya, amma masu sunan suna cikin masu dariyar, domin sun riga kowa faɗa.

Daga nan sai haɗa sunaye biyu-biyu, abin da yawancin malamai ke tsallakewa. Ba ka san wanda ƙuri'a za ta haɗa da wani ba, saboda haka kowane suna sai an karanta shi da kowanne. Rukuni 6 haɗuwa 15 ke nan, rukuni 8 kuwa 28. Minti 5 ya isa. A nan muka kama Wutar Daji. Shi kaɗai bai zagi kowa ba. Amma da mai gabatarwa ya ce Wutar Daji za ta kara da Ɗan Haki, ajin ya fashe da dariya tun bai rufe baki ba, domin kowa ya san abin da wuta ke yi wa haki. Kwando ne ya dawo da wani suna. Da akwai rukunin da ya ɗauki Ɗakin Kara, kirarin Katsina, da abin ya fi haka muni. In sunaye biyu suka yi karo irin wannan, wanda ke cinye ɗan'uwansa shi ke sauyawa, ba wanda ake cinyewa ba. Masu Wutar Daji suka koma takardarsu suka ɗauko na biyu, Matakalar Gobarau, wai hawa ɗaya-ɗaya har su kai ƙololuwar hasumiyar.

A nan kuma Ƙarshenka Zuma ya faɗi, ba don laifi ba. Zuma biyu a allo ɗaya, a cikin hayaniya, mai rubuta maki zai ba wannan abin wancan. Tsohuwar Zuma ce zaɓin farko na masu ita, Ƙarshenka Zuma kuwa zaɓi na biyu ne a wajen nasa masu shi, sai aka bar wa na farkon.

Na shida, a cire ƙugiya, a gutsure suna

Sunan ba zai tsaya a allonka ba. Wani zai buga jadawalin gasa a kwamfutar ofis, wani zai tura sakamako a WhatsApp, kuma da wuya su sa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Saboda haka a rubuta kowane suna ba ƙugiya a karanta. Muna da 'Yan Ƙasa a jerin. Ba ƙugiya ya koma 'Yan Kasa, wato masu kasawa, ko kuma macijiyar nan kasa. Masu shi da kansu suka janye shi.

Sannan a tambayi ajin yadda za a riƙa kiran sunan a filin makaranta, domin ba yaron da zai tsaya faɗin kalma biyar. Sannu Ba Ta Hana Zuwa 'Yan Sannu za a ce. Gugan Kusugu, 'Yan Guga. Mun Ba Ka Gari, 'Yan Gari, wanda ya ba da wata dariyar, saboda a wajen ɗalibai gari ɗaya aka sani, na kwaki. Na tambayi 'yan matan ko sun yarda da wannan. Kyaftin ɗinsu ta ce, "Malam, in da suga ba komai." In gutsuren ya zama abin da masu shi ba za su so a kira su da shi a hanya ba, a sauya tun yanzu.

Na bakwai, takardar sirri, sannan a kulle

Mataki na ƙarshe kafin sa hannu shi ne a ba kowane ɗalibi 'yar takarda, ba suna, ya rubuta in akwai sunan da yake jin da shi ko da rukuninsu ake, da dalili. Wanda ba shi da ƙorafi ma ya ninke tasa fara ya jefa, don kada a gane wanda ya rubuta. Dalilin takardar shi ne akwai habaicin da malami ba zai taɓa ji ba. Wata shekara an kawo mini Agogo Sarkin Aiki, na ga ba aibu, ashe a wani rukuni akwai yaron da ake tsokana da makara kullum, kuma duk ajin sun san inda aka dosa ban da ni. Ɗan aji ɗaya ba zai ɗaga hannu a gaban manya ya faɗi wannan ba, amma zai rubuta. Ba kowane ƙorafi ake karɓa ba. "Bai yi mini daɗi ba" ba dalili ba ne. In dai takarda ta nuna wani mutum ko wani abu da ya faru a makaranta, sunan ya tafi, ba tare da an karanta takardar a fili ba, ba kuma tare da binciken wanda ya rubuta ba.

Sai a kulle sunaye kafin a jefa ƙuri'ar wa zai kara da wa, kuma ba a sauyawa har gasa ta ƙare. Wanda ya san abokin karawarsa kafin ya raɗa suna, da shi zai raɗa. Wanda aka bari ya sauya bayan zagayen farko, sakamakon zai zuba a ciki.

Namu guda 6 da suka hau allo su ne Mun Ba Ka Gari, Mun Riƙe Ɗaya, Gugan Kusugu, Tsohuwar Zuma, Ɗan Haki, da Matakalar Gobarau. Sannu Ba Ta Hana Zuwa ya kai har ƙarshe, amma takardarsu ɗaya da Mun Riƙe Ɗaya, kuma yaran suka zaɓi na lissafin da ƙuri'a 3 da 1. Na ajiye shi a aljihun tebur don wata shekara.

Ranar gasa, a kalli kawuna

Duk da wannan tacewa wani abu kan kuɓuce, kuma hanyar ganewa ba ta da wuya. Lokacin da mai gabatarwa ke karanta sunaye a karon farko, kada ka kalli allo, ka tsaya a gefe ka kalli 'yan kallo. In aka yi dariya ana kallon masu sunan, su ma suna dariya, lafiya lau. In aka yi dariya kawuna suka juya wani benci, akwai abin da ya wuce ka. A wannan hali ba a tsayar da gasa, ba a yi wa kowa faɗa a bainar jama'a, don hakan ƙara wa wanda aka jefa kunya yake. Nakan raɗa wa mai gabatarwa ya koma kiran rukunin da lambar teburinsu har a tashi, a gyara bayan taro.

Shi ma mai gabatarwar sai an ja masa kunne tun da wuri, domin yakan ɓata suna mai kyau da bakinsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: yana iya wasa da sunan rukuni a kan abin da rukunin ya yi, ba ya ɗaukar sunan wannan ya doki wancan. "Gugan Kusugu ya fito da ruwa" ya halatta. "Guga ya kwashe Ɗan Haki" bai halatta ba. A zagayen kusa da na ƙarshe Ɗan Haki suka fitar da Tsohuwar Zuma da tazarar maki 2, na hango bakin mai gabatarwa yana motsi, na san "tsone ido" ce ke shirin fitowa, na girgiza masa kai daga inda nake tsaye. Ya haɗiye, ya ce Ɗan Haki sun wuce zagayen ƙarshe, su huta su daina haki, ya kira rukuni na gaba.